Takunkumin da Ke Cikin Kan Shawa: Yaushe Yake da Laifi, Yaushe Ake Yi Masa Ƙazafi

A gidaje da yawa na zamani akwai banɗaki mai tayil, da hita, da kan shawa mai ƙyalli, amma kuma a gefe ga bokiti da moɗa, kuma su ne ake wanka da su kullum. Dalili bai wuce ɗaya ba: idan an murɗa famfo, ruwan da ke saukowa daga shawar bai fi yayyafi ba, ga sabulu a jiki, ga lokaci yana tafiya. Idan aka kira mai gyaran famfo, shawarar da zai bayar ba ta wuce biyu: ko dai ya kwance kan shawar ya zaro wata 'yar roba daga wuyanta ya yar, ko kuma ya ce sai an sayi injin tura ruwa. Kowace daga cikinsu tana iya zama daidai, tana kuma iya zama asarar kuɗi. Abin da ke raba tsakani shi ne matsin ruwan gidan, kuma shi ne abin da ba kasafai ake aunawa ba kafin a yanke hukunci.

Wannan 'yar robar, wadda za a iya kira takunkumin ruwa, ba kuskuren masana'anta ba ce. An yi ta ne domin gidajen da ruwa ke shiga da ƙarfi daga babban bututun gari. Gidan da ke shan ruwa daga tankin da aka ɗora a kan ƙarfe ko a kan rufi yana rayuwa ne a wata duniya daban, kuma sai an fahimci tazarar da ke tsakanin duniyoyin biyu kafin a san ko a cire takunkumin ko a bar shi.

Inda takunkumin ya samo asali

A shekarar 1992 Amurka ta yi dokar makamashi wadda ta ƙayyade cewa kan shawar da za a ƙera daga 1994 ba zai fitar da ruwan da ya wuce galan biyu da rabi a minti ɗaya ba, wato kimanin lita 9.5. Daga baya hukumar kare muhalli ta ƙasar ta fito da tambarin WaterSense, wanda ake liƙa wa kan shawar da ba ya wuce galan biyu, kimanin lita 7.6, jihar Kalifoniya kuma ta sauko da nata iyakar zuwa galan 1.8 a 2018. Manufar ita ce a rage ruwan da ake zubarwa, a kuma rage wutar da ake ƙonawa wajen dafa shi. Hanya mafi sauƙi ga masana'antu ita ce su saka ɗan faifan roba mai ƙaramar kafa a daidai inda kan shawa ke haɗuwa da bututu. Da yake masana'anta ɗaya tana ƙera kaya domin kasuwanni da yawa, irin wannan kan shawa yana iya ƙarewa a shagon kayan famfo a Kano ko Maraɗi da takunkuminsa a wuya.

Abin lura a cikin dokar shi ne matsin da ake gwajin da shi. Wancan lita 9.5 ana auna shi ne a matsin fam 80 a kan kowane murabba'in inci, wato kusan bar 5.5 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalin kayan famfo. Idan aka mayar da wannan zuwa tsayi, daidai yake da a ce tankin gida yana sama da kan shawa da mita 56. Ko mafi ƙanƙantar matsin da ake gwada kan shawa mai tambarin WaterSense da shi, fam 20, ya kai tsayin mita 14. Da wuya a samu gidan zama na talaka ko na mai hali da tankinsa ya kai nan.

Matsi tsayi ne, ba girman tanki ba

A gidan da ba shi da injin tura ruwa, abu ɗaya ne ke haifar da matsi: tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da bakin da ruwan zai fita, idan an auna ta a tsaye. Kowace mita goma ta tsayi tana ba da kimanin bar ɗaya. Faɗin tanki ba ya ƙara kome. Tanki mai lita dubu biyar da mai lita dubu ɗaya, matuƙar saman ruwansu yana tsayi ɗaya, matsi ɗaya za su bayar. Mutane da yawa sun sayi ƙaton tanki da fatan shawa za ta yi ƙarfi, suka samu ruwa mai daɗewa bai ƙare ba, amma yayyafin yana nan yadda yake.

A ɗauki misalin gida mai bene ɗaya. Gindin tanki yana mita bakwai daga ƙasa, kuma idan ya cika zurfin ruwansa mita ɗaya da rabi ne. Kan shawar banɗakin ƙasa yana mita biyu daga daɓe. Na saman bene kuwa yana mita biyar daga ƙasa, domin benen kansa ya ci mita uku. Idan tanki ya cika, shawar ƙasa tana da tsayin mita shida da rabi a kanta, ta sama tana da uku da rabi. Idan ruwa ya kusa ƙarewa, ta ƙasa ta koma mita biyar, ta sama ta koma biyu kacal. Wannan ne ya sa ɗakin maigida da ke sama, wanda aka fi kashe wa kuɗi, shi ne ya fi kowane ɗaki raunin ruwa, kuma shi ne ya sa shawar da ta yi dama-dama da safe bayan an cika tanki take komawa ɗigo da yamma.

Yadda ƙaramar kafa ke amsa matsi

Ruwan da ke bi ta ƙaramar kafa ba ya ƙaruwa daidai da yadda matsi ke ƙaruwa. Idan ana so ruwan ya ninka sau biyu, sai matsi ya ninka sau huɗu; idan ana so ya ninka sau uku, sai matsi ya ninka sau tara. Haka kuma idan matsi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ruwan zai ragu zuwa rabi. Wannan ƙa'idar ita ce mabuɗin dukan lamarin.

Idan aka ɗauki kan shawa mai takunkumi irin na kafa tsayayya, wanda aka ƙera ya ba da lita 9.5 a tsayin mita 56, aka ɗaura shi a saman benen gidan nan, lissafi zai nuna cewa a tsayin mita biyu abin da zai bayar bai kai lita biyu a minti ba, kusan 1.8. Idan tanki ya cika, zai ɗan haura zuwa 2.4. A banɗakin ƙasa zai ba da kimanin lita uku. Wannan kuma tun kafin a cire abin da bututu ke ci a hanya. Ma'ana, bokiti mai lita goma zai ɗauki minti huɗu zuwa biyar da rabi kafin ya cika a sama. Kan shawar bai lalace ba. Yana yin abin da aka ƙera shi ya yi ne a wurin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Wannan ƙa'idar ita ce kuma ke nuna iyakar amfanin ɗaga tanki. Ƙara mita ɗaya a kan ƙarfen tanki, daga biyu zuwa uku, zai ƙara ruwan da kusan kashi ɗaya cikin biyar, abin da mai wanka da ƙyar zai lura da shi. Idan ana so ruwan shawar sama ya ninka, sai tsayin ya tashi daga mita biyu zuwa takwas, wato a ƙara mita shida a kan hasumiyar da tuni ta kai mita bakwai, ɗauke da ruwan da kowace lita dubu ɗinsa tan guda ce. Wannan aikin injiniya ne, ba na mai walda shi kaɗai ba.

Akwai nau'i na biyu na takunkumi wanda ya fi na farko dabara. A cikinsa akwai ɗan zoben roba mai laushi. Idan matsi ya yi yawa, ruwa yana danne zoben ya baje, ya rage faɗin hanya; idan matsi ya ragu, zoben ya koma siffarsa, hanya ta buɗe. Da haka ruwan ke tsayawa kusan a ma'auni ɗaya ko matsi ya hau ko ya sauka. Irin wannan ya fi sassauci ga gida mai raunin ruwa, amma shi ma yana da iyaka. A tsayin mita biyu ko uku zoben ya riga ya buɗe iyakar buɗewarsa, ba shi da sauran abin da zai saki. A nan ya daina aikin daidaitawa, ya zama ƙunci kawai a kan hanyar ruwan da dama ba shi da ƙarfi.

Sauran masu cin matsi a hanya

Takunkumi ba shi kaɗai ne ƙunci tsakanin tanki da kan mai wanka ba. Tsayin da aka lissafa a sama shi ne matsin ruwa yana tsaye. Da zarar an buɗe famfo ruwa ya fara tafiya, kowace mita ta bututu, kowace gwiwa, kowane makulli da kowace tiyo suna karɓar rabonsu daga wannan ɗan matsin. Bututu mai rabin inci da aka ja tun daga gindin tanki ya zagaya gida yana ci fiye da mai inci ɗaya nesa ba kusa ba. Tsohon bututun ƙarfe yana tara tsatsa a ciki har hanyarsa ta tsuke. Koren bututun roba da ake haɗawa da zafi, idan mai aiki ya bar shi ya narke fiye da kima, bakinsa yana naɗewa ciki ya toshe wani ɓangare na hanya, kuma wannan aibi yana ɓoye a cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Famfon gauraya ruwan zafi da na sanyi mai hannu ɗaya shi ma hanyoyin cikinsa ƙanana ne, kuma da yawa an ƙera su ne domin matsi mai ƙarfi.

Duk waɗannan a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, suna raba matsi guda. Saboda haka cire takunkumi yana amfani ne gwargwadon rabon da yake ci. Idan shi ne ke cin kaso mafi girma, cire shi zai canza shawar nan take. Idan kuwa bututu ya riga ya cinye matsin kafin ruwa ya iso, an cire ƙofa ne daga ɗakin da babu kowa a ciki.

Bokiti da agogo

Gano wanda ke da laifi ba ya buƙatar na'ura. Bokiti mai lita goma da agogon waya sun isa, muddin an yi gwaje-gwajen uku a jere, ruwan tanki yana tsayi ɗaya, sauran famfunan gida a rufe. Na farko, a tara bokiti a ƙarƙashin shawa yadda take, a buɗe famfo duka, a ƙirga lokacin da zai cika. Na biyu, a kwance kan shawar gaba ɗaya a auna ruwan da ke fitowa daga bakin bututu tsirara. Na uku, a zaro takunkumin a ajiye shi, a mayar da kan shawa, a sake aunawa. Takunkumin yana zaune ne a cikin wuyan, bayan zoben robar da ke hana yoyo da 'yar ragar da ke tace yashi; waɗannan biyun dole su koma wurinsu.

A ce a saman benen nan gwajin farko ya ɗauki minti biyar, wato lita biyu a minti, na biyu kuma ya ɗauki daƙiƙa 75, wato lita takwas. Wannan ya nuna bututu lafiyarsa ƙalau, kan shawar ne ke riƙe ruwan. Idan gwaji na uku ya ba da minti biyu da rabi, lita huɗu ke nan, ruwan ya ninka, kuma lissafi ya nuna takunkumin shi kaɗai yake cin kashi uku cikin huɗu na matsin. A nan mai gyaran famfo ya yi gaskiya.

Amma a ce a wani gidan mai tsayi iri ɗaya bakin bututu tsirara ya ɗauki minti huɗu kafin ya cika bokiti, wato lita biyu da rabi. Wannan adadin shi ne rufin da babu kan shawar da zai iya wucewa. Cire takunkumi a nan zai ɗaga ruwan daga kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu da ɗoriya kaɗan, yayyafi ya koma yayyafi mai ɗan kauri. Matsalar tana baya: makullin da ba a buɗe duka ba, gwiwar da ta toshe, bututun da ya yi ƙanƙanta, ko tsayin da bai isa ba. Sayen sabon kan shawa mai tsada a irin wannan gida zuba ruwa ne a rariya.

Tarihin raunin ma shaida ne. Shawar da ba ta taɓa yin ƙarfi ba tun ranar da aka ɗaura ta, laifin na tsayi ne ko na takunkumi ko na aikin bututu. Wadda ta fara da ƙarfi sannan ta riƙa raguwa cikin watanni, wasu kafofinta suka daina fitar da ruwa, wasu suna fesawa a karkace, ta toshe ne da farin ɓawon da ruwan burtsatse ke barwa ko da yashi a raga. Jiƙa ta a ruwan kal na 'yan sa'o'i da goge ta da tsohon buroshin haƙori yana dawo da ita. Wadda kuma take tofar da ruwa tana tsayawa bayan tanki ya ƙare an sake cikawa, iska ce ta maƙale a bututu.

Yawan ruwa daban, ƙarfin feshi daban

Abin da mai wanka ke kira ƙarfi ba yawan lita ba ne kawai. Saurin da ruwan ke dukan fata ne. Fuskar kan shawa ita ma tana buƙatar nata rabon matsin domin ta mayar da ruwa feshi. Idan lita huɗu suka rabu a kan faffaɗan kan shawa mai kamar faranti, mai kafofi fiye da ɗari, kowace kafa za ta samu ɗan kaɗan, ruwan ya zubo a sanyaye ko ya taru ya riƙa ɗiga daga gefe ɗaya. Waɗannan lita huɗun a ƙaramin kai mai kafofi kaɗan za su fito da kaifin da zai wanke sabulu. Don haka gidan da ke dogara da tsayin tanki ya fi dacewa da ƙaramin kan shawa, maras takunkumi, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana aiki a matsin bar 0.2 ko makamancin haka. Babban farantin nan da ake gani a otal yana da inji a bayansa.

Inda takunkumi yake da haƙƙin zama

Masu ganin takunkumi cuta ce kawai suna manta cewa hukuncin yana juyawa ranar da aka saka injin tura ruwa. Idan inji ya ɗaga matsin gida zuwa bar biyu ko uku, an shiga duniyar da aka ƙera takunkumin dominta. A ce kan shawa maras takunkumi ya koma fitar da lita 15 a minti, mai takunkumi kuma lita 8. A gida mai mutum shida, kowa yana wankan minti biyar, na farko zai ci lita 450, na biyu 240. Bambancin lita 210 ne a wanka ɗaya na yini, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na tanki mai lita dubu. Wannan ruwa ne da aka saya a wurin 'yan garuwa ko motar ruwa, ko aka ƙona mai a janareta aka jawo shi daga burtsatse. Hita mai lita hamsin ma za ta ƙare da wuri, na ƙarshe a layi ya yi wanka da ruwan sanyi a tsakiyar hunturu. Dalilin da ya sa Amurka ta yi dokarta ya fi ƙarfi a inda kowace lita sai an biya ta sau biyu, kuɗin ruwa da kuɗin ɗaga shi sama.

Akwai kuma wurin da bai kamata a taɓa takunkumin ba ko da ruwan ya yi rauni: hitar da ke dafa ruwa nan take yana wucewa. Irin wannan ƙarfinta ƙayyadadde ne. Mai kilowat uku da rabi tana iya ƙara wa lita uku a minti zafin kusan digiri 17. Idan ruwan ya koma lita shida, ƙarin ba zai wuce digiri takwas da ɗan abu ba. Raunin ruwan a nan shi ne farashin zafinsa, kuma wanda ya buɗe hanya zai samu ruwa mai yawa amma mai sanyi.

Don haka takunkumin da aka zaro bai kamata ya tafi bola ba. A ajiye shi a aljihun tebur, domin gidan da ba ya buƙatarsa yau zai buƙace shi ranar da inji ya shigo. Ga mai gini kuma, lokacin gyara mafi arha shi ne kafin a yi filasta: a auna tazarar gindin tanki da kan shawa mafi tsayi a gidan, a sauko da babban bututu daga tanki, a rage gwiwoyi, a kuma buɗe ruwa a gwada da bokiti tun bututun yana waje. Ga wanda gidansa ya riga ya ginu, tsarin shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi: a wanke, a auna sau uku, a cire takunkumi idan awo ya nuna shi ne, a canza kai zuwa ƙarami. Sai idan bakin bututu tsirara ya kasa ba da ruwa, aka kuma tabbatar babu toshewa a hanya, sannan maganar inji ta taso. Mai gyaran famfon da ya faɗi kuɗin inji kafin ya nemi bokiti bai gano ciwon ba tukuna, kuma mai gida yana da damar ya ce a fara aunawa.